Yadda ake mayar da zaman taron bita ya zama rahoto mai ɗauke da muhimman batutuwa da shawarwari

Takardu uku ne ake yawan fitarwa bayan taron bita, kuma masu shirya taro da yawa sukan kira su duka da suna ɗaya. Akwai minitin taro, wanda ke bin ajanda daki-daki yana nuna abin da aka yanke. Akwai sanarwar bayan taro, shafi ɗaya ko biyu da ake karantawa a gaban 'yan jarida, wadda mahalarta suka amince da kalmominta kafin su watse. Sai kuma rahoton marubucin taro, wanda aikinsa shi ne ya gaya wa mutumin da bai halarci zaman ba abin da aka tattauna, inda aka dace, inda aka saɓa, da abin da aka ce a yi. Kafin ka karɓi aikin, tambayi wanda ya ba ka shi wacce yake nufi a cikin ukun, wa zai karanta, shafi nawa yake so, da wane harshe, kuma yaushe yake buƙatarta. In ba ka tambaya ba, za ka iya kwana kana rubuta shafi goma sha biyu, washegari a ce maka sanarwa mai sakin layi shida ake jira.

Za mu bi aikin da misali guda daga farko har ƙarshe. Zaman da alkaluman da ke cikinsa tsara su aka yi don koyarwa, wuraren dai na gaske ne. A ce zama ne na awa biyu a Kano kan asarar tumatir bayan girbi, da mahalarta talatin: manoman rani daga Kadawa da Kura, dillalai daga kasuwar Kwanar Gafan, direbobin da ke kai kaya kasuwar Mile 12 ta Legas, mata masu shanya tumatir, malaman gona, da wakilin wani banki. Minti goma na buɗewa, maƙaloli biyu kowace minti ashirin, tattaunawa minti hamsin da biyar, sai minti goma sha biyar na rufewa.

Kafin a zauna

Nemi abubuwa uku tun kwana ɗaya kafin taron: takardar manufar taron, ajanda, da maƙalolin masu gabatarwa. Takardar manufa ce za ta nuna maka tambayoyin da zaman ya kamata ya amsa. A misalinmu a ce biyu ne: a wane mataki ne tumatir ya fi lalacewa tsakanin gona da kasuwa, kuma me ke hana a bar kwandon gargajiya a koma akwatin roba. Rubuta su a saman shafinka na farko, domin su ne ma'aunin da za ka riƙa auna abin da ya cancanci shiga rahoto. Maƙaloli kuwa in suna hannunka, ba sai ka wahalar da kanka da kwafe abin da ke kan majigi ba. Lokacin gabatarwa abin da za ka rubuta shi ne abin da mai magana ya ƙara da bakinsa wanda babu shi a takarda.

Ka kuma daidaita da jagoran zaman kan batun ambaton suna. Wasu tarukan ana yin su ne bisa ƙa'idar Chatham House, wadda cibiyar nazarin harkokin duniya mai wannan suna da ke Landan ta kafa a 1927. Ƙa'idar ta yarda a yi amfani da abin da aka ji a taro, amma ta hana bayyana wanda ya faɗa da kuma hukumar da yake wakilta. Mutane kan manta da kashi na biyun. In wakilin banki ɗaya ne tak a zauren ka rubuta "wani ma'aikacin banki ya ce", to ka riga ka nuna shi da yatsa. A irin wannan yanayi sai dai ka ce "an nuna cewa". Ko da ba a ƙarƙashin wannan ƙa'ida ake taron ba, jagora ya sanar tun farko cewa za a naɗi murya, ya kuma ba wanda bai yarda ba damar faɗa.

Shafin rubutu ka raba shi gida uku. Siririn gida na hagu na lokaci ne da mai magana. Na tsakiya, mai faɗi, na abin da aka faɗa. Na dama na alama ce ta harafi ɗaya: M matsala, H hujja ko adadi, S shawara, A an amince, J jayayya, T tambayar da ba a amsa ba. Wannan gidan na dama shi ne zai rage maka rabin wahalar dare. Zana taswirar zauren a bayan shafi, ka ba kowace kujera lamba lokacin da ake gabatar da kai, saboda daga baya ka rubuta "14" kawai maimakon ka tsaya tambayar sunan mutum yana tsakiyar magana. Ka zauna kusa da jagora, inda za ka iya miƙa masa 'yar takarda, ba can ƙarshen zaure kusa da janareta ba.

Rikoda ko waya ka ɗauke ta a matsayin madogara kawai. Sauraren naɗin awa biyu ana tsayarwa ana rubutawa yakan cinye yini guda, kuma a zauren da mutum uku ke magana lokaci ɗaya fanka na juyawa, rabin abin da ka naɗa ba zai fita ba. Amfanin rubuta lokaci a gidan hagu ke nan: in ka yi shakkar wani adadi da aka faɗa ƙarfe 11:12, kai tsaye za ka je wurin a naɗin, ba sai ka bi shi tun daga addu'ar buɗewa ba. Ka lura da ainihin mintin da ka danna rikodar.

Cikin zaman

Kada ka bi kowace kalma. Mai magana yakan ɗauki minti uku, amma abin da ya zo da shi bai wuce jimla biyu ba. Sauran gaisuwa ce ga manyan baƙi da godiya da maimaici. Saurara har ka gane inda ya dosa, sannan ka rubuta da kalmominka. Abu uku ne kaɗai ake ɗauka kalma da kalma: adadi, alkawari, da lafazin shawarar da aka amince da ita.

Ga yadda layuka huɗu na tattaunawar za su kasance a shafinka. Ƙarfe 11:05, kujera ta 7, manomi: kwanduna ana jera su bisa juna a mota, na ƙasa ke murƙushewa, M. Ƙarfe 11:09, kujera ta 14, dillali: akwatin roba ya fi, amma wa zai biya kuɗin dawo da shi wofi daga Legas, T. Ƙarfe 11:12, kujera ta 3, malamin gona: asara takan kai kashi arba'in cikin ɗari, H. Ƙarfe 11:15, kujera ta 21, direba: ba kwando ne babbar matsalar ba, tsaye-tsaye ne a hanya cikin rana, J.

Layi na uku yana buƙatar kulawa. Kashi arba'in na me? Na abin da aka girba a gona, ko na abin da aka loda a mota? A wace kaka, kuma wa ya auna? In mai maganar bai faɗa ba, sa alamar tambaya a gefe, ka same shi a hutun shayi. In ya ambaci binciken da ya samo shi, ka karɓi sunansa da shekararsa ka duba da kanka. In kuwa ya ce ƙiyasinsa ne, haka za ka rubuta: "wani malamin gona ya ƙiyasta". Adadin da ya shiga rahoto ba tare da uba ba yakan fita ya zama "bincike ya nuna" a bakin wasu, kuma rahotonka za a nuna a matsayin tushe. Haka ma ma'auni. Manomi da kwando yake lissafi, mai maƙala da kilo ko tan, kuma kwandon ma akwai babba akwai ƙarami. Kada ka mayar da kwando kilo da kanka sai an faɗi nauyin da ake nufi a zauren.

Wuri mafi santsi shi ne bambance shawara da amincewa. Mutum ya ce "ya kamata a samar da wurin hayar akwatuna", wannan S ce. Ba ta zama A ba sai jagora ya mayar da ita ga zaure, mutane sun nuna yarda a fili. Tafi ba amincewa ba ne, sau da yawa na ladabi ne. Shiru ma haka, musamman in hakimi ko babban jami'i ne ya kawo maganar. Ƙaramin manomi ba zai musa masa a bainar jama'a ba, sai an fito waje ka ji ra'ayinsa na gaskiya. Sannan in jami'i ya ce "za mu duba" ko "za a san yadda za a yi", ba alkawari ya ɗauka ba, kuma in ka rubuta cewa hukumarsa ta ɗauki nauyin abin, ka sa masa magana a baki. Rubuta abin da ya faɗa daidai: ya ce za su duba.

Ka lura kuma da waɗanda ba su samu magana ba. In mata masu shanya tumatir su biyar ne a zauren, ɗaya ce kawai ta yi magana ta minti ɗaya ana shirin rufewa, to batun shanya bai samu tattaunawa ba, kuma gaskiyar rahoto ita ce ya faɗi haka. Tun kafin a kai nan, miƙa wa jagora 'yar takarda cewa ba a ji daga ɓangarensu ba. Ba huruminka ba ne ka shiga muhawara, amma tunatar da jagora yana cikin aikinka.

Minti goma sha biyar na ƙarshe su ne mafi daraja a wurinka. Roƙi jagora tun farko ya ba ka biyar daga ciki ka karanta wa zaure duk layukan da ka sa wa S da A. Kan kowace ka tambaya: haka aka ce? wa zai yi? zuwa yaushe? A nan ne dillali zai ce "a'a, ba mu ce mu za mu sayi akwatunan ba, cewa muka yi za mu karɓi haya in an kawo". Gyaran da aka yi a gaban kowa ya fi saƙonni ashirin da za ka aika daga baya. Kafin a share allo ko a naɗe manyan takardun da rukunoni suka yi rubutu a kai, ɗauki hoton kowace, ka duba cewa rubutun yana karantuwa.

Daga jerin masu magana zuwa jerin batutuwa

Cikin awa ɗaya ko biyu bayan tashi, koma kan shafukanka ka cike gajerun kalmomi da giɓin da ka bari. Abin da ka taƙaita da haruffa uku da safe, bayan kwana biyu kai ma ba za ka gane shi ba.

Daga nan sai babban aikin. Bayananka a jere suke bisa lokaci: wane ya ce, sai wane ya ce. Rahoton da aka bari a haka, shi ne wanda ake buɗewa a rufe. Mai karatu ba ruwansa da wanda ya riga wani ɗaga hannu. So yake ya san abin da zauren ya gano game da kowane batu. Don haka bi layukan ɗaya bayan ɗaya ka tara masu magana kan abu guda wuri guda, kamar yadda dillali ke ware nunannen tumatir da ɗanye kafin a loda. A misalinmu, a ce layuka arba'in da biyu ne suka fito daga tattaunawar. In ka tara su za ka ga sun faɗa gida huɗu: lokacin tsinka da yadda ake tsinka, kwando da akwati, jinkiri a hanya, da shanya ko sarrafawa. Za a bar 'yan layuka da ba su shiga ko'ina ba, kamar wanda ya tashi ya yi dogon bayani kan tsutsar Tuta absoluta da ta yi wa gonakin tumatir na Kano da Kaduna mummunar ɓarna a 2016. Magana ce ta gaskiya, amma ɓarnar kafin girbi ce, zaman kuwa na bayan girbi ne. Ba ta layi ɗaya a ƙarƙashin "sauran batutuwan da aka taɓo", kada ka jefar da ita, kada kuma ka ba ta sashe.

In gidajen sun haura shida a zaman awa biyu, ba ka gama tarawa ba. In kuma biyu ne kacal, ka cusa abubuwa mabambanta a buhu ɗaya.

Kowane gida sai ya zama sakin layi ɗaya ko biyu, a bisa tsari guda: jimlar farko ta faɗi abin da aka gano, sai hujjar da aka kawo, sai saɓani in akwai, sai abin da ya rage ba amsa. Ga na kwando da akwati:

"Mahalarta sun yi ittifaƙi cewa jera kwanduna bisa juna yana murƙushe tumatirin da ke ƙasa, kuma akwatin roba yana rage wannan domin nauyin yana sauka ne a kan bakin akwatin, ba a kan kayan ba. Sai dai dillalai sun nuna cewa kwando ba a dawo da shi daga Legas, akwati kuwa dole a dawo da shi, kuma ba a cimma matsaya kan wanda zai biya kuɗin dawowar ba. Direbobi na ganin jinkiri a hanya ya fi nau'in mazubi tasiri. Manoma ba su yarda da hakan ba."

Dubi kalmomin da ke nuna yawan masu ra'ayi. "Sun yi ittifaƙi" sai inda ka sa A. "Da dama daga cikin mahalarta" sai in ka ƙirga aƙalla uku ko huɗu daga ɓangarori daban-daban. In mutum ɗaya ne, ka ce mutum ɗaya ne, ko da ya maimaita maganar sau biyar da ƙarfi. Kuskuren da ya fi yawa a rahotannin bita shi ne mayar da ra'ayin mai babbar murya ya zama "mahalarta sun bayyana".

Shawarwari

Mafi yawan masu karatu nan za su fara buɗewa, wasu ma nan kaɗai za su karanta. Ɗanyar shawara yadda take fitowa daga zaure takan zo kamar haka: "gwamnati ta taimaka wa manoma da akwatuna". Wace gwamnati, ta jiha ko ta tarayya ko ƙaramar hukuma? Taimako kyauta, ko rance, ko haya? Shawarar da ba ta da mai ita, kowa zai karanta ya ɗauka da wani ake. Cikakkiyar shawara tana da wanda zai yi, aikin da zai yi da fi'ilin da za a iya tabbatarwa, wa'adi, da matsalar da take amsawa. Bayan karantawar da ka yi a zaure, wancan layin zai iya komawa haka: "Ƙungiyar dillalai da ƙungiyar manoman rani su kafa kwamitin mutum shida da zai fitar da tsarin hayar akwatuna, har da kuɗin dawo da su, su gabatar wa masu shirya taron kafin fara tsinkar rani mai zuwa."

Kalmomi irin su "a ƙarfafa", "a inganta", "a wayar da kai" ka yi hattara da su, domin bayan shekara babu wanda zai iya cewa an yi ko ba a yi ba. Amma akwai iyaka a nan da bai kamata ka tsallaka ba. In zauren bai faɗi wa'adi ba, ba kai za ka ƙirƙiro shi don shawarar ta yi kyau ba. Rubuta "ba a tsayar da wa'adi ba", ka ja hankalin jagora a kai. Gwajin kowace shawara shi ne ka iya nuna layin da ta fito a bayananka, da lokacinsa. Wadda ta kasa wannan gwaji taka ce, ko ta mai ɗaukar nauyin taron da ya so a saka ta. In an matsa sai ta shiga, a sa ta a ƙarƙashin wani kai daban, "lura daga masu shirya taro", don kada a jingina wa mahalarta abin da ba su ce ba.

Raba shawarwarin gida biyu, waɗanda aka amince da su da waɗanda aka gabatar ba a yanke ba, sannan ka jera na farkon bisa wanda aka ɗora wa aikin: na ƙungiyoyin manoma da dillalai, na hukumomin gona, na masu ba da rance. Haka kowane ofishi zai ga nasa ba tare da lalube ba. Ka haɗe masu maimaita juna. Layuka goma sha ɗaya masu alamar S a misalinmu za su iya komawa shawarwari biyar da aka amince da biyu da ke jiran matsaya. Sa musu lamba, domin a taro na gaba a iya cewa "ina aka kwana kan ta uku".

Haɗa rahoton da tantance shi

Zaman awa biyu bai kamata ya wuce shafi uku zuwa huɗu ba. A sama sunan zaman, rana, wuri, jagora, masu maƙala, yawan mahalarta da ɓangarorinsu. Sai taƙaitawa ta kusan rabin shafi, wadda za ka rubuta a ƙarshe duk da ita ce a farko. Kowace maƙala sakin layi ɗaya ya ishe ta, tunda cikakkiyarta na rataye a baya. Batutuwan tattaunawa su ɗauki kusan rabin rahoton, sai shawarwari, sai tambayoyin da suka rage. Jawaban buɗewa da na godiya layi biyu sun wadatar, ko da wa ya yi su. A rataye ajanda da jerin mahalarta, amma ka cire lambobin waya da sa hannu da bayanan asusun banki da ke kan takardar rajista. Rahoto yawo yake yi daga waya zuwa waya, kuma a Najeriya akwai dokar kare bayanan mutane ta 2023.

In da Hausa aka yi zaman amma da Turanci ake son rahoton, ko akasin haka, kammala shawarwarin da harshen da aka amince da su tukuna, sannan a fassara, a kuma rataya na asalin. Manomin da ya yarda da wata jimla a zaure yana da haƙƙin ganin ta yadda ya ji ta.

Daftarin farko ya isa ga jagoran zaman cikin kwana biyu, tun abin bai gushe masa ba. Kowane mai maƙala a aika masa sakin layinsa kawai ya tabbatar da adadi da sunaye. Sa ranar ƙarshe ta karɓar gyara, kwana uku zuwa biyar, ka kuma faɗa a saƙon cewa gyaran kuskure ake nema. Za a samu mai son sauya abin da ya faɗa domin ya ga bai yi wa ofishinsa daɗi ba, ko ya ƙara abin da ya tuna bayan ya koma gida. Koma ga bayananka da naɗin: in ka yi kuskuren ji, gyara; in kuwa ya faɗa, jagora ne zai yanke ko a sassauta lafazi ko a cire sunan ɓangarensa, amma ma'anar ta tsaya. Kunna Track Changes a Word kafin ka aika, don ka ga duk abin da aka taɓa, ka kuma sa rana da lambar daftari a sunan fayil, misali rahoto_tumatir_daftari2. Bayanan hannunka da hotunan allo ka ajiye su har sai an amince da rahoton ƙarshe, naɗin murya kuma a goge shi ko a miƙa shi ga masu taron bisa yadda aka sanar wa mahalarta a farkon zama.